Hoton da Mailafiya Bai Gani Ba

Mailafiya taubashina ne, ɗan kawuna Malam Usmanu, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumin faɗa, wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwa. Sunansa na yanka Dawuda, amma ban san mai kiransa da shi ba sai mahaifinsa da jandarma masu duba takardu. Tun yana ƙarami ko kunama ce ta harbe shi sai ya gama duba ta kafin ya yi kuka, shi ya sa kakarmu ta laƙa masa Mailafiya. Ni kuwa Kaltumi, kowa a unguwar Kolere ya sani, ba a taka ni in yi shiru. Wataƙila shi ya sa muka jitu.

Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano, tufafi suka kawo Garwa suka zauna. Gidanmu ya rabu biyu, masu awon yadi a kasuwa da masu allo a zaure. Kawu Usmanu na allo ne, kuma babba. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda idan ya ce a'a ba ya ƙara komai a kai. Babban ɗansa Mas'udu ya bi sahunsa har ya je Maruwa ya buɗe tasa makarantar. Mailafiya ma ya sauke, kada wani ya ce ya gudu ne daga karatu. Abin da ya ja shi bakin kogin Binuwai ne. A lokacin idan ruwa ya cika jiragen ruwa kan hauro daga Najeriya da gishiri da siminti su koma da auduga da gyaɗa, kuma a gindin wata bishiya kusa da tashar akwai wani Bayarabe da akwatin hoto mai ƙafa uku. Mailafiya ya je kallo, kallo ya zama riƙe masa kaya, riƙe kaya ya zama sana'a. Da Bayaraben zai koma gida, ya bar masa akwatin da farantai.

Kawu bai tsine masa ba, bai kore shi ba. Da ma ya yi faɗa, ai da sauƙi. Ya kira shi sau ɗaya ya gaya masa abin da littafi ya ce game da masu yin sura, ya tambaye shi ko zai bari. Mailafiya ya sunkuyar da kai, amma bai bari ba. Daga ranar Kawu ya daina cin abinci da shi a kwano ɗaya. Idan ya zo gaisuwa da safe zai amsa, amma idonsa a kan allo ko a kan bango. Idan za shi masallacin Juma'a sai ya zagaya ta bayan mahauta don kada ya bi ta gaban shagon hoton da Mailafiya ya buɗe. Haka aka yi ta tafiya, Mailafiya ya yi aure, ya haihu, furfura ta fara leƙo masa a gemu, mahaifinsa bai taɓa dubansa ba. Abin ya ci shi ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa da baki ba. Ni na sani don idan ya dawo daga gaisuwar nan sai ya daɗe yana goge gilashin da ba shi da ƙura.

Na shiga aikinsa ne bayan mijina ya rasu. Zamanin ya zo da takardu, ba ka zuwa ko Pitowa da ke nan kusa ba tare da kat dantite ba, wato katin shaida, kuma kat sai da hoto. Matan gidajen manya ba za su zauna gaban namiji su kaɗai ba, sai ya riƙa tafiya da ni. Ni ke gyara ɗankwali, ni ke ɗaga haɓa, ni ke riƙe baƙin zanen da ake sawa a baya. Ina ce masa bawana, yana ce mini baiwarsa, kamar yadda taubasai suka gada, amma aikin bauta dai ni ke yi. Da ciniki ya buɗe ya sayi wata kyamara ƙarama mai ido biyu, wadda ake ratayawa a wuya a riƙe ta a ciki, a sunkuya a leƙa ta sama. Ba ya fito da ita sai don manya da amare.

A bakin ƙofar ɗakin duhunsa, inda yake wanke hoto, na koyi abin da na sani, don ba na shiga, daga waje nake miƙa ruwa yana yi mini bayani ko ban tambaya ba. Ya ce fim da takardar hoto duk an shafe su da wani gishiri na azurfa a cikin wata 'yar fata mai kama da danƙo. Inda haske ya taɓa, ruwan farko yana mai da wurin baƙi, hoto ya fito. Amma inda haske bai taɓa ba gishirin yana nan, fari kamar madara, kuma idan ba a fitar da shi ba, a hankali haske zai cinye shi hoton ya dafe gaba ɗaya. Ruwa kuwa ba ya narkar da shi, ko kwana zai yi a Binuwai. Sai ruwa na biyu, fiksatar, wani farin gishiri da ake jiƙawa. Shi ke kama azurfar ya tafi da ita ya bar fim garau. Kuma yana ƙoshi, in ji shi. Idan ya ɗauki iya abin da zai ɗauka, ko ka roƙe shi ba ya ƙarawa.

Sai yaƙin Najeriya ya ɓarke, jirage suka daina haurowa. Kayan hoto da muke samu ta Yola suka yanke, aka koma jiran na Duwala, su kuma sai sun hau jirgin ƙasa sun hau mota, su kwana su tashi a taɓon hanyar Ngaundare. A shekarar da nake ba da labari damina ta yi ƙarfi, motoci suka maƙale. Fiksatar ɗin Mailafiya ya koma kwalba ɗaya, yana lallaɓa ta kamar mai jinyar tsohuwa.

A nan Berthe ta shigo. Mutumiyar kudu ce, tana aiki a ɗakin gwajin wani asibitin mishan, mun saba don ni na gyara mata gashi ranar hoton aurenta. Ta zo karɓar wasu hotuna ta tarar da shi ya yi tagumi. Da ya gaya mata damuwarsa sai ta ɗauki kwalin takardar da yake buga hotuna a kai, ta karanta Faransancin da ke jiki, ta ce mu zo wurinta gobe mu ga wani abu.

Mun je. Ta zuba wani ruwa garau a ɗan gilashi, ta ce ruwan azurfa ne, irin wanda suke ɗiga wa jarirai a ido. Ta ɗiga ruwan gishirin miya a ciki. Nan take ya yi fari ya guntse kamar kindirmo. Ta ce wannan shi ne gishirin da ke jikin takardarsa, kulorir. Ta ƙara ruwa ta girgiza, yana nan. Sannan ta buɗe wata kwalba. Wayyo hancina! Wari kamar bayan tashar mota da rana tsaka, har hawaye ya zubo mini. Amoniyak ke nan. Ta zuba kaɗan ta kaɗa, farin nan ya ɓace, gilashi ya koma garau kamar ba a taɓa sa komai ba. Na ce mata wannan ai rufa ido ne, ina azurfar ta tafi? Ta yi dariya ta ce tana nan. Wai kowace ƙwayar azurfa da ta saki gishirin, ƙwaya biyu na amoniyak ke kama ta, ɗaya nan ɗaya nan, kuma muddin suna riƙe da ita ba ta iya komawa ta dunƙule, sai ta bi ruwa. Suna ɗauka wata na sakowa, har farin ya ƙare. Don in yarda ta ɗiga wani ruwa mai tsami, wanda ta ce yana janye amoniyak ɗin, sai ga kindirmon ya dawo. Ta kuma ja masa kunne sosai, ta ce ruwan da ya yi aiki da shi ya zubar ranar ya bi shi da ruwa mai yawa, kada ya kuskura ya adana a kwalba, don idan ya kwana biyu yana iya fashewa.

Ban taɓa ganin Mailafiya da murna irin ta ranar ba. Ya sayo amoniyak a farmasi, ya sirka da ruwa, ya gwada a takarda. Ya yi! Ya shanya hoton a rana wuni guda bai dafe ba. Daga nan ya raba aiki, takardu a ruwa mai wari, fim kuma a ragowar fiksatar. Maƙwabta suka yi ta mita, tela na gefenmu ya ce mun mai da layin makewayi, na ce ya toshe hanci da ƙyallen mutane da yake sacewa. Mun ci abinci da dabarar nan har wata biyu ko fi. Amma kwalbar fiksatar ta ƙoshi daga ƙarshe. Ya tsoma guntun fim ya jira, ya jira, yana nan fari. Sai ya daina ɗaukar sabon hoto, ya koma buga tsofaffi kawai, yana sauraron mota.

A cikin wannan hali ne wani attajiri, tsohon ɗalibin Kawu, ya ce zai kai shi Makka. Kawu bai taɓa yin kat ba, wane jandarma ne zai tare shi a Kolere? Amma fasfo bai san malami ba. An kai ruwa rana, aka tambayi malaman Garwa, aka aika Maruwa, aka dawo da cewa lalura ce, ya halatta. Akwai wasu masu hoto a gari. Kowa ya ɗauka can za a kai shi. Wata safiya Mailafiya ya durƙusa yana gaisuwa, sai Kawu ya ce, idonsa a kan allo:

"Dawuda, gobe da hantsi ka zo da abin naka. Sau ɗaya."

Ya zo shago ya gaya mini. Na tuna masa ba fiksatar. Ya ce ya sani, amma wa zai ce wa Malam ya jira? Za a ɗauka a ajiye, mota na hanya, aikin Hajji da sauran watanni. Yana da naɗin fim guda da ya ɓoye a tukunya cikin shinkafa saboda laima. Ya kwana bai yi barcin kirki ba, ya wanke riga, ya aske.

A tsakar gida aka yi, gindin bangon zaure. Kawu ya fito da farin rawani da alkyabbar da yake sawa ranar idi, abin da ba wanda ya ce ya yi. Ya zauna a kujera. Ni na tsaya a bayansa na ɗaga baƙin zane da hannu biyu. Mailafiya ya tsaya a gaba da mai ido biyu a cikinsa, ya sunkuya. Ku da ba ku san gidajenmu ba, ɗa ba ya ɗaga ido ya kalli mahaifinsa, balle irin Kawu. Amma wannan kyamara sai an sunkuyar da kai ake gani. Ga shi kansa a ƙasa kamar mai gaisuwa, ga fuskar mahaifinsa a ɗan gilashi tana fuskantarsa. Ya daɗe. Hannuna ya gaji har na ce bawa ka yi sauri mana. Da wata murya da ban san shi da ita ba ya ce, "Malam, a dubo nan." Na ji ƙaras. Kawu ya miƙe, ya ce Allah ya yi albarka, ya shige.

A hanyar komawa shago na tambaye shi yaya ya gani. Ya ce bai gani ba. Rana ta haske gilashin, gumi ya shiga idonsa, wai gumi, ya dai ga inuwar rawani da gemu ya daidaita ya danna. Ya ce kamar ya ga bakin Malam ya motsa, amma bai sani ba ko murmushi ne ko istigfari yake yi. Albarkar nan ma bai san ta wa ce ba, tasa ce ko ta tafiyar. Na ce to me ye na damuwa, hoto ai ba ya ƙarya, in mota ta zo ka gani. Ya naɗe fim ɗin duka, sauran ba komai a kai, ya rufe a gwangwani.

Kafin sati ya zagayo Kawu ya kwanta. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe ba. Mailafiya na kasuwa neman magani aka aiko masa. Na yi kuka, don duk taurinsa Kawu ne ya riƙe ni da 'ya'yana lokacin da ba ni da kowa. Mailafiya bai yi kuka ba a gaban mutane. Ya zauna karɓar gaisuwa, ana ta shigowa ana Fulatanci ana Hausa, yana amsawa, gwangwanin nan yana aljihunsa. Na gane don hannunsa ba ya barin wurin.

Mas'udu ya iso daga Maruwa bayan an rufe. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, amma mutum ne da ke ganin komai a miƙe. Ranar sadakar uku ya kira ƙaninsa gefe, ina jin su ta taga. Ya ce Malam ya yarda ne don lalura, yanzu lalura ta faɗi, babu dalilin da surarsa za ta zauna a duniya ana wuce ta hannu hannu. Kafin ya koma, bayan sadakar bakwai, a kawo fim ɗin a ƙone a gabansa. Mailafiya ya ce, "To, Yaya." Ni da ke ciki sai da na ciji yatsa. To, Yaya! Da ni ce da an ji mu a Pitowa. Amma shi bai iya musu da na gaba ba, bai kuma iya ɓoye abu ya ce ya ɓata ba.

Kullum yana zuwa tasha tambayar motocin Ngaundare. Kullum a ce suna bayan wata gada. Ya zagaya sauran masu hoto, kowa kwalbarsa ta mutu ko yana ɓoye ta. Ya je neman Berthe, aka ce ta raka maras lafiya Yawunde. Ana gobe sadakar bakwai, da azahar, ya ce in zo in miƙa masa ruwa.

Ranar zafi ne irin na ƙarshen damina, wanda iska ke tsayawa cik mutum ya ji kamar an rufe shi a tukunya. Ɗakin duhun rufin kwano ne. A ƙa'idarsa idan zai wanke fim da sassafe yake yi, kuma sai ya aika an sayo ƙanƙara wurin masu kifi ya sanyaya ruwan, don fatar fim ba ta son ɗumi. Ranar ba ƙanƙara, bai ma tambaya ba. Ruwan randa har ya yi ɗumi. Na ce masa amoniyak ɗin nan ka taɓa gwada shi a fim? Ya ce azurfa ai azurfa ce, abin da ya cire ta a takarda zai cire ta a fim. Ni me na sani? Mutumin da ba ya tsoma komai sai ya yanki guntu ya gwada, ga fim fanko zira'i guda a hannunsa, bai yanka ba. Ba ya son amsar da guntun zai ba shi, haka nake gani, don ba shi da wata dabarar bayan wannan.

Ya rufe ƙofa. Na ji motsin faranti, na ji yana bismilla. Ya wanke a ruwan farko, ya ɗauraye, sai warin nan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Na jira. Can ya kunna fitila, na ji shiru, sannan na ji yana tuttula kwalbar amoniyak ɗin, ba sirki. Ya fara tari. Na buga ƙofa na ce ka fito kada ka mutu a ciki. Ya buɗe da ƙafa ya fito da farantin zuwa inuwar baranda, idanunsa jawur suna zuba.

Na leƙa. Fim ɗin bai yi garau ba. Gefe-gefe ya ɗan washe, amma sauran yana nan da hazo, fari mai ɗan rawaya. Cikin hazon ga Kawu a juye, yadda fim ke nuna mutum, rawani baƙi, gemu baƙi, fuska fari-fari. Kawu ne, ko kafaɗar kawai ka gani ka san shi ne. Amma a juye ba ka karanta fuska, sai an buga a takarda, kuma ba a buga fim mai hazo haka. Mailafiya na ta kaɗa farantin a hankali yana cewa yanzu zai washe, saura kaɗan. Bai washe ba. Ya ƙara jira. Na ga gefen fim ɗin ya fara tattarewa kamar yanar da ke kan dafaffiyar madara, na buɗe baki zan yi magana, shi kuma a daidai nan ya kama kusurwa ya ɗaga shi sama don ya duba a haske.

Fatar ta saki. Daga rawani ta fara, ta zamo a hankali, goshi ya haɗu da hanci, gemu ya naɗe. Ya sa yatsa zai tare, yatsan ya shafe ta. Ta sulale ta faɗa faranti, baƙin kumfa kawai yana yawo a ruwa. Abin da ya rage a hannunsa leda ce garau, ana hango bishiyar ƙofar shago ta cikinta.

Ya durƙusa yana tsamo baƙin nan da tafin hannu yana son shimfiɗa shi a kan ledar, yana narkewa tsakanin yatsunsa. Na ce Mailafiya bari, ruwan zai ci maka hannu. Na karɓe farantin da ƙarfi na zubar a kwata na bi shi da ruwa, kamar yadda Berthe ta ce. Sai a lokacin ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Na zauna nesa kaɗan ina nawa, ban san wanda nake jin haushi ba, shi ko Mas'udu ko yaƙin mutanen da ban taɓa gani ba.

Washegari ya kai wa yayansa ledar. Mas'udu ya juya ta, ya ji abin da ya faru, ya ce Allah ya yi wa Malam abin da yake so. Wallahi sai da na bar wurin don kada in yi abin kunya a gidan makoki. Amma da zai shiga mota na ga ya sa ledar a aljihun gaba, bai ƙone ta ba.

Motocin Ngaundare sun shigo kafin sadakar arba'in, da fiksatar buhu-buhu. Berthe ma ta dawo. Da na ba ta labari ta dafe kai. Ta ce laifinta ne da ba ta faɗa ba, ita kwalin takarda ta karanta, ba ta kawo fim a ranta ba. Gishirin fim ba irin na takardar ba ne. Buromir ne, da ɗan wani a ciki da ya fi shi taurin kai, kuma waɗannan sun riƙe azurfarsu gam. Amoniyak yana iya ɓantarar kaɗan daga na farkon idan ya yi ƙarfi, na biyun kuwa ko gezau. Fiksatar ne ke da riƙon da ya fi nasu, shi ya sa yake cire duka. Shi kuwa amoniyak mai ƙarfi a ruwan ɗumi, kafin ya gama da azurfar ya gama da fatar. Mailafiya ya ce mata ba laifinta, kuma ya hana ta ƙarasawa, don sauran ya sani. Da ya ga hazon nan, da ya tsame fim ɗin ya ɗauraye ya shanya a duhu, da hoton ya jira fiksatar lafiya lau. Ya san haka tun yana yaron Bayarabe. Ya ce a lokacin bai tuna ba, so yake kawai ya gani.

Ya ci gaba da sana'a, me zai yi? Ya ɗauki rabin Garwa, 'yan makaranta, sojoji, 'yan kamfanin auduga, matan da suka haifi waɗanda ya ɗauka suna jarirai. Hannunsa bai lalace ba, mutane ma cewa suke ya ƙara kyau. Amma wasan taubasantaka ya mutu tsakaninmu. Ina ce masa bawa, sai ya yi ɗan murmushi ya wuce. Ya kuma ɗauki wata ɗabi'a da ke ba ni tausayi da haushi a haɗe. Duk tsohon da ya zo hoton fasfo, sai ya ɗauke shi sau biyu, sau uku, ya wanke a ranar, ko da kuwa mutumin ya ce ba gaggawa. Maganar Kawu kuwa bai ƙara tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba, har shekaru suka tafi.

Wata la'asar, mun riga mun tsufa, gwiwata ta fara hana ni tsayuwa, muka gama ɗaukar wani dattijo daga Maiganga da za shi Makka. Dattijon ya yi ta dariya don an ce kada ya motsa, ɗansa na gefe yana tsokanarsa. Da suka tafi ina naɗe baƙin zane, Mailafiya na zaune da kyamara a cinya. Bai dube ni ba ya ce:

"Kaltumi, ke kina wurin ranar nan. Da na ce a dubo, Malam murmushi ya yi?"

Na tsaya da zanen a hannu. Na san abin da yake so ya ji, kuma kalma ɗaya ce, ba wanda zai ƙaryata ni. Amma shi ya tsayar da ni inda na tsaya ranar, ya sani, kuma da na faɗa da ya gane a muryata, sai in ƙwace masa har ɗan kokwanton da yake rayuwa da shi.

Na ce, "Ɗan'uwana, a bayansa nake. Ƙeyarsa kawai na gani."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya ce in miƙo masa ruwa, zai wanke na dattijon tun da sauran rana.